Ɗan kwangila ya ce gida ya kammala, yana neman cikon kuɗinsa: me zan duba kafin in biya?

Abu Safwan

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara, kuma lokaci ya ƙure mini. A Fatakwal nake aiki, shekara biyu da rabi ke nan ina gina gida a Kano. Ƙasa ne ba bene ba, ɗaki huɗu da falo biyu, rufin irin wanda ake ɓoye kwano a bayan farafet. Mun yi da ɗan kwangila a kan naira miliyan 42, kaya da aiki duka nasa. Na biya miliyan 37 da dubu 800, saura miliyan 4 da dubu 200. Jiya ya kira ni ya ce aiki ya ƙare, in zo in karɓi makullai in cika masa kuɗinsa. Ya turo bidiyo, gida ya yi kyau ƙwarai, fenti sai sheƙi yake.

Kwana uku kawai aka ba ni a wurin aiki, ranar Juma'a zan sauka. Ban san komai a harkar gini ba. Me zan duba? Sannan abin da ya fi damuna, mutumin ɗan wan surukina ne, ba na son abin da zai taɓa zumunci.

Maman Ilham

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada bidiyo ya ruɗe ka. Mu a watan Janairu muka karɓi namu, maigidana ya biya komai a ranar saboda farin ciki. Ruwan farko na ƙarshen Mayu bai nuna komai ba. Da Agusta ta zo, silin ɗin falo ya jiƙe ya yi baƙi, wata rana da asuba wani ɓangare ya rufto a kan kujeru. Allah ya tsare yara ba sa wurin. Da aka hau sama sai aka tarar magudanar kankaren da ke bayan farafet ba a yi mata abin hana ruwa ba ko kaɗan, kuma bututu biyu ne kacal ke fitar da ruwan rufin gaba ɗaya. Mun kira wanda ya yi aikin har muka gaji. Da kuɗinmu muka gyara. Irin rufinmu ke gare ka, shi ya sa na kasa yin shiru.

Baban Zara

Maganar ɗaya ce. Kada ka ba shi ko sisi sai damina ta wuce. Miliyan huɗun nan ita ce igiyar da ke hannunka, ka sake ta ka sake shi.

Injiniya Bature

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Baban Zara, rabin maganarka daidai ne, amma riƙe duka kuɗin ba adalci ba ne, kuma ba haka ake yi ba. Abin da aka saba a kwangilar gini shi ne a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin, wasu kwangilolin kashi 10, har tsawon lokacin da aka ɗiba don aibin da zai bayyana daga baya, yawanci wata shida, wani lokaci shekara. A kwangilar da aka rubuta sosai ma, ana sakin rabin abin da aka riƙe ranar miƙa gida, ragowar sai lokacin ya cika. A lissafinka kashi 5 na miliyan 42 shi ne miliyan 2 da dubu 100, wato rabin abin da ya rage a hannunka daidai.

Amma tambaya ta farko: kun rubuta haka a yarjejeniyarku?

Game da dubawar kuwa, abin da nake so ka riƙe shi ne muna cikin Fabrairu. Gidan da aka gama da rani bai taɓa haɗuwa da babban mai jarraba shi ba, wato ruwan sama. Don haka dole kai ka kawo masa ruwan da kanka. Tun yau ka sa a cika tankin sama, a tanadi janareta da mai, da doguwar tiyo, da tsani. Idan ka je babu ruwa babu wuta, fenti kawai za ka gani ka dawo.

Abu Safwan

Injiniya na gode. Gaskiya takarda ɗaya ce muka sa wa hannu, ta ƙunshi jimillar kuɗi da matakan biya da jerin kayan da zai sa. Babu maganar riƙe wani abu. Abin da aka rubuta shi ne kason ƙarshe "bayan kammala aiki".

Injiniya Bature

To, a nan ƙarfinka yana cikin kalmar "kammala". Aikin da ke da aibi a fili bai kammala ba, kana da damar cewa a gyara kafin ka biya. Amma riƙe kuɗi har bayan damina, tunda ba ku rubuta ba, sai dai ku yi sulhu a kai, ba za ka ɗora masa da ƙarfi ba.

Ga yadda zan raba kwanakinka. Juma'a da yamma, da ka sauka, abu biyu kawai za ka yi domin su ne ke buƙatar kwana. Na farko, ka rufe duk famfunan gidan, ka kashe injin da ke tura ruwa sama, ka hau ka yi alama a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya. Da safe ka sake dubawa. Idan ya sauka alhali ba wanda ya taɓa famfo, akwai inda yake zuba, ko a cikin bango ko a ƙarƙashin ƙasa. Na biyu, a kowane banɗaki ka toshe ramin da ruwan wanka ke fita da leda da tsumma, ka zuba ruwa da bokiti har ya kai kamar santimita biyu, kada ya haura dokin ƙofa, ka bar shi awa 24. Ruwan bokitin ka ɗebo shi kafin ka yi wa tanki alama. Washegari ka zagaya bayan bangon, ta ɗakin kwana da ta waje, ka shafa hannu a gindin bango. Danshi ko duhun fenti na nufin ruwa na ratsawa. Da ka cire toshiyar kuma ka tsaya ka kalli yadda ruwan ke tafiya. Ya kamata ya gangara ramin da kansa ya ƙare. Idan ya taru a lungu ko ya nufi ƙofa, ba a ba daɓen gangara ba, kuma gyaran wannan sai an ɗaga tayil.

Asabar ka ba rufi safiyarka gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya shiga cikin silin ta ƙofar da aka bari, ya fara kashe tocila ya kalli sama. Duk inda ya ga ɗigon haske a jikin kwano, ramin ƙusa ne da aka kuskure. Daga nan wani ya hau da tiyo ya riƙa zuba ruwa, yana farawa daga ƙasa-ƙasan rufin yana hawa a hankali, minti goma a kowane sashe, musamman inda kwano ya haɗu da bangon farafet da inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari. Idan aka fara daga sama, ruwa zai bi ko'ina, ba za ka san ta inda ya shiga ba. Magudanar kankaren nan da Maman Ilham ta faɗa, ka hau da ƙafarka ka gan ta. Ka duba ko an share ɓaraguzan siminti da guntayen katako, ko an shimfiɗa mata abin hana ruwa har ya hau jikin bango, sannan a zuba ruwa a ga ko yana gudu zuwa bututu ko kwanciya yake. Wanda ke cikin silin ya duba katakon ma, ko an shafa masa maganin gara.

Sadiq Abuja

Ni a ganina abu mafi muhimmanci shi ne takardu. Ka tabbatar akwai shaidar mallaka, kuma ka je ma'aikatar filaye a bincika ko ba a sayar wa wani ba. Wani abokina ya biya kuɗin gida cif, daga baya magada suka fito.

Abu Safwan

Malam Sadiq, ba sayen gida zan yi ba. Filina ne tun 2016, takarduna na hannuna, gini kawai na bayar.

Sadiq Abuja

Afuwan, ban karanta da kyau ba. Amma duk da haka ka karɓi takardar izinin gini ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, da zanen da aka buga wa hatimi idan suna wurinsa. Sau da yawa a hannun ɗan kwangila ake mantawa da su.

Garba Mai Wayarin

Ranka ya daɗe, ni aikin wuta nake yi shekara goma sha tara, bari in faɗi nawa ɓangaren. Kunna ƙwai a ga ya kama ba gwaji ba ne. Ka tafi da dutsen guga, ka bi soket ɗaya bayan ɗaya kana jonawa, ka bar shi ya yi zafi. Caja ba ta jan wuta, ko waya ta yi sako-sako za ta kawo. Sai ka je akwatin rarraba wuta, ka riƙa kashe makunnan ɗaya-ɗaya, wani na ciki yana faɗa maka abin da ya ɗauke, ka rubuta a jikin kowanne. A nan za ka gane idan an ɗora rabin gida a kan layi ɗaya.

Sannan ka zaɓi soket uku ko huɗu da kanka, ba wanda za a nuna maka ba, a kashe wuta a kwance su. Wayar fitila 1.5 ce, ta soket 2.5, ta tukunyar ɗumama ruwa da na'urar sanyaya ɗaki mu 4 muke sawa, kowacce da layinta. Girman yana rubuce a jikin robar wayar. Ka sa a kankare bakin wayar da wuƙa kaɗan. Idan ja ce har ciki, tagulla ce. Idan ka ga fari a ciki, alminiyon ne aka yi wa rufin tagulla, kuma ita ce ke zafi a bakin soket har ta narke.

Abu na ƙarshe wanda ya fi duka: wayar ƙasa. Ka ce a nuna maka inda aka kafa sandar a ƙasa, da wayar kore da rawaya da ta taso daga can zuwa akwati. Gidaje da yawa za ka ga wayar a cikin soket amma ba ta je ko'ina ba. Gidan da ke da tukunyar ɗumama ruwa a banɗaki, wannan maganar rai ce. Idan an sa makunnin da ke yanke wuta in ta zurare, yana da ɗan maɓalli da aka rubuta TEST, ka danna, ya kamata ya faɗi nan take.

Injiniya Bature

Malam Garba ya gama magana. Abu ɗaya kawai: ƙaramar na'urar sanyi mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi, waya 2.5 ta tagulla mai kyau na ɗaukarta idan layinta ita kaɗai ce kuma ba nisa. Kada Abu Safwan ya ga 2.5 ya ce an cuce shi. Ya duba abin da jerin kayansu ya ce.

Garba Mai Wayarin

A takarda haka ne Injiniya. Amma wayar kasuwar yanzu, wadda aka rubuta 2.5 ba kullum take cika ba, ga wutarmu da ke zuwa ƙasa-ƙasa. Ni dai ba na sa ƙasa da 4, kuma ba a taɓa kira na a kan layin sanyi ya ƙone ba.

Alhaji Ɗanjuma

Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ni ɗan kwangila ne, don haka bari a ji daga ɗaya ɓangaren. Dubawa ba laifi ba ce, mai aikin kirki ma ya fi son a duba a gabansa. Abin da ke ƙona mana rai shi ne mai gida ya zo da mutum biyar, kowa na faɗin nasa, yau a ce abu goma, an gyara, gobe a ƙaro goma sha biyar, jibi uwargida ta ce launin fentin bai yi mata ba. Wata uku kuɗinka na hannun mutum, kai kuma mai tayil da mai fenti da mai kwano suna ƙofar gidanka kullum da safe. Kason ƙarshen nan da kuke gani ba riba ba ce zalla, yawanci bashin masu aiki ne da na 'yan kasuwa. Sannan wanda ya karɓi aiki shekara biyu da rabi da suka wuce, ku tambayi nawa buhun siminti yake a lokacin, nawa yake yanzu.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Baban Zara, ka ji tsoron Allah a kan shawarar riƙe duka.

Abu Safwan, ɗana, shawarata ita ce dubawa ɗaya, takarda ɗaya, shi yana tsaye. Ka raba abin da yake aibi da abin da yake sabon buri. Ƙofar da ba ta rufuwa aibi ce, nasa ne. Ƙarin soket a inda zane bai nuna ba sabon aiki ne, naka ne.

Baban Zara

Alhaji, na ji, kuma ban musa hadisi ba. Amma ladan aikin da aka gama ake nufi. Ni na ga wanda aka biya ya kashe waya. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Malama Hauwa

Ni tambayata ga Injiniya, yaya ake rubuta takardar? Lokacin namu mun rubuta "banɗaki na da matsala" da "a gyara ƙofofi". Mutumin ya turo yaro ya ɗaɗɗaure wasu ƙusoshi ya ce an gyara, muka rasa abin cewa.

Injiniya Bature

Malama, matsalar ke nan. Kowane aibi layinsa daban da lambarsa, kuma layin ya amsa abu huɗu: a ina yake, me aka gani, me za a yi, zuwa yaushe. A bar gurbi a ƙarshe don sa hannu ranar da aka tabbatar an gyara. Misali:

7. Banɗakin maigida, lungun hagu bayan ƙofa. Ruwa na kwanciya, bai kai rami ba bayan minti 10. A ɗaga tayil a sake gangara zuwa rami. Kafin 10 ga Maris.

Wanda ya karanta wannan ba zai turo yaro da sukundireba ba. Ka manna farar takarda mai gam a wurin, ka rubuta 7 a jiki, ka ɗauki hoto biyu, na kusa da na nesa. Ku bi gidan ɗaki-ɗaki, kuna shiga ta dama kuna zagayowa, daga silin zuwa ƙasa, don kada a tsallake wani bango.

A cikin ɗaki abin dubawa ba shi da wuya. Tayil, ka riƙa ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba, tsakiya da kusurwoyi. Wanda ya zauna a kan siminti sosai ƙararsa a toshe take, wanda ke da rami a ƙasa yana amsawa kamar ganga, kuma shi ne zai fashe ran da aka ɗora ƙafar gado. Filasta ma haka. Ƙofa ka buɗe ta rabi ka sake ta, idan ta tafi da kanta ba a tsayar da firam daidai ba. Kowane makulli ka gwada da kowane ɗan makullinsa. Taga ka zuga ta har ƙarshe, sannan ka watsa mata ruwa daga waje. Bango kuma da daddare, ka kwantar da tocila a jikinsa, duk tudu da kwarin filasta zai fito.

Kada ka manta da bayan gida. A buɗe murfin cambobin da ke waje, wani ya zuba bokitin ruwa da aka jiƙa bula a masai, kai kana tsaye a bakin camba. Ruwan ya iso da sauri ya wuce. Idan ya iso a hankali ko ya tsaya, ko dai bututu ba shi da gangara ko masu aiki sun bar siminti a ciki. Ka duba bututun da ke fitar da wari ya haura rufi, kuma ka auna tazarar sokawe da rijiya ko burtsatse. Mita 30 ake so in fili ya ba da dama, ƙasa da 15 kuwa abin damuwa ne sosai.

Abu Safwan

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda aka yi.

Na bi shawarar Alhaji, na kira ɗan kwangilar tun kafin in taso na ce za mu zagaya tare, kuma sau ɗaya za a yi. Da farko ransa bai so ba, ya ce ko ban yarda da shi ba ne. Na ce masa ni ma a wurin aikina sai an duba abin da na yi kafin a sa hannu. Na ɗauki wani mai wayarin da wani mai aikin famfo waɗanda ba su yi aiki a gidan ba, na biya su kuɗin yini.

Mun rubuta abu 31. Yawancinsu ƙanana ne, fenti a jikin gilashi, makulli biyu masu tauri, tayil 14 masu ƙarar ganga a falon baƙi. Manya guda huɗu ne.

Tanki mai lita 2,000 ya sauka santimita 8 a dare ɗaya. Mai famfo ya gano tankin masai ɗaya na tsiyaya a hankali cikin kwanon masan, ba ka ji sai ka sa takarda a jiki ta jiƙe. Muka rufe bawul ɗinsa muka sake yin alama ranar Asabar da yamma. Lahadi da safe ya sake sauka santimita 3. Sai muka rufe bawul ɗin da ke shiga cikin gida, aka bar layin waje kawai, zuwa azahar ya ƙara motsawa. Da aka ɗaga intalok kusa da famfon tsakar gida, ƙasar a jiƙe take sharkaf, wata gaɓa ce ba a sa mata gam ba.

Rufi bai zuba ta kwano ba, amma magudanar bayan farafet ta ɓangaren gabas ruwa kwanciya yake yi, ya kai rabin yatsa, kuma bayan awa biyu wanda ke cikin silin ya ga danshi a ƙasanta. Maman Ilham, na tuna da ke a wurin.

Soket ɗin kicin duka a kan waya 1.5 suke, alhali jerin kayan ya ce 2.5. Wayar ƙasa kuwa akwai, an nuna mini sandar.

Na huɗu shi ne wanda ban gane ba. Akwai tsaga a falon iyali, ta tashi daga kusurwar taga ta sama ta nufi silin a karkace, tsawonta kamar kamu biyu. Katin cirar kuɗi na shiga bakinta. An shafe ta da fenti amma ta sake buɗewa, kuma ta waje ma ana ganinta a daidai wurin. Ɗan kwangilar ya ce filasta ce ta sha iskar hunturu, za a cike ta.

Injiniya Bature

Aikinka ya yi kyau. Santimita 8 a irin wannan tankin ya kai kusan lita 100 a dare, kuma wanda ke zuba a ƙarƙashin intalok a gindin ginin yake taruwa.

Tsagar kuwa kada ka yarda a cike ta yanzu. Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yaɗuwa ko ta ina kamar gidan gizo-gizo, kuma a fuska ɗaya take tsayawa. Wadda ta fito ciki da waje a wuri ɗaya ta ratsa bulo. Hakan ba ya nufin gida zai faɗi. Sau da yawa lintar da ke kan taga ce ba ta hau bango sosai ba, ko bulo ne aka yi gini da shi bai gama bushewa ba, kuma irin wannan tana tsayawa. Amma tana iya zama ƙasa ce ke zaunawa a ƙarƙashin wannan kusurwar. Ba zan yanke hukunci daga nan ba. Tambayata: yaya nisan tagar da inda kuka tarar da ruwa na zuba?

Abin da za ka yi, a ja layi da fensir a ƙarshen tsagar sama da ƙasa a rubuta kwanan wata, a ɗana ɗan siraran siminti a kanta a wuri biyu. Idan ya tsage ko tsagar ta wuce layin, tana motsi. Wani naka da ke Kano ya riƙa ɗaukar hoto duk mako biyu da rula a jiki. Kuma ka samu injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya je ya gani da idonsa, ya rubuta maka.

Abu Safwan

Injiniya, bai fi mita uku ba tsakaninsu. Bangon ɗaya ne.

Alhaji Ɗanjuma

To ai an samu dalili. A gyara bututu, ƙasa ta bushe, magana ta ƙare. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Injiniya Bature

Mai yiwuwa ne Alhaji, amma bai tabbata ba. Yaushe aka fara sa ruwa a layin? Idan wata ɗaya ne, kuma an riga an shafe tsagar da fenti tun kafin nan, to ta girmi ɗigon. Abu Safwan ya tambayi mai fentin.

Maman Ilham

Kuɗin fa, yaya kuka ƙare?

Abu Safwan

Mun zauna da surukina a tsakani, shi ya sa hannu a matsayin shaida. Na ba ɗan kwangilar miliyan 1 a ranar don ya sallami masu aiki, domin na ga mai tayil da idona yana jiransa a bakin ƙofa. Miliyan 1 da dubu 700 idan an gama abu 30 ɗin, ƙanina da masu aikin nan biyu za su sake gwajin tanki da na magudana kafin in tura. Na nemi riƙe miliyan 2 da dubu 100 har ƙarshen Satumba, ya ce ba ya cikin yarjejeniya, kuma gaskiyarsa ce. Aka tsaya a miliyan 1 da rabi zuwa 15 ga Satumba. Makullai suna wurinsa har ya gama gyara, mun rubuta adadinsu, kuma zan canza na ƙofar waje ranar da na karɓa. Na karɓo izinin gini da zane, Malam Sadiq, da rasit ɗin injin ruwa, na kuma ɗauki hoton lambar mita.

Tsagar ce lamba 31, mun rubuta "ana lura, ba a yanke ba". Ya ƙi yarda a rubuta cewa gyaranta nasa ne ko mene ne sanadi.

Baban Zara

Idan ta zama ta tushe ce, miliyan ɗaya da rabi ba za ta yi komai ba. Da ka riƙe duka.

Alhaji Ɗanjuma

Da ya riƙe duka, da yau ba mai zuwa ya ɗaga intalok ɗin nan. Mutumin ya sa hannu a gaban baffansa, wannan ya fi kuɗin ƙarfi a wurinmu.

Abu Safwan

Na samu mai fentin a waya yanzu. Ya ce tun a Nuwamba ya ga tsagar, ya cike ta kafin shafin farko, ruwa kuwa sai a Janairu aka haɗa. Injiniya, akwai wani abu da zan ce wa wanda zai je dubawa ya fi mai da hankali a kai? Ranar Laraba zai je.

Injiniya Bature

Ka ba shi zanen, ka gaya masa maganar Nuwamba da ta bututun. Ka roƙe shi a fasa filasta a kusurwar tagar a ga iya inda linta ta hau bango, sannan a haƙa ɗan rami a gindin bangon ta waje a ga zurfin tushe da irin ƙasar da ya zauna a kai. Ɗan kwangilar ya kasance a wurin lokacin da za a haƙa. Ka turo mana hoton abin da aka gani.